Masu rubuta tutar Sallah, ku fara daga tsakiyar yadi

’Yan’uwa na zangon Kumasi, kada burushi ya taɓa yadi sai kun yi rubutun a dogon takarda mai girman tutar. Ku ninka takardar biyu yadda farkon rubutun zai hau kan ƙarshensa, ku ninka yadin biyu, ku haɗa tsakiya da tsakiya, sannan ku kwafa da alli. Ta haka sararin hagu da na dama zai zo daidai, haruffan ƙarshe ba za su matse a baki ba.

Ga misali: BARKA DA SALLAH a yadi uku. Haruffa 13 ne, da sarari biyu. Ku bar taƙi ɗaya a kowane gefe saboda igiya. Kada ku raba tazarar haruffa da ma’auni, ido ne alƙali: L biyun nan suna barin fili a samansu, sai ku matso da su, H kuma a ɗan ba ta iska.

Ninkin yana aiki a Larabci, amma matso da haruffa ɗaya-ɗaya ba ya yi, domin a haɗe suke. Idan عيد مبارك ya yi gajere, ku ja layin da ke tsakanin ya’un da dalin. Bayan alifi da ra’un ba a ja, ba sa haɗuwa da na gabansu.

Sabon yadi kuma ku wanke shi tukuna, in ba haka ba zai tsuke, fentin ya tsattsage.