Babi na Shida: Yankan Ƙarfen Angil da Haɗa Kwanar Firam

Darasi na 1: Sanin ƙarfen

Ku ɗauki guntun angil ku ajiye a ƙasa. Gefe ɗaya ya kwanta, ɗaya ya miƙe. Za mu riƙa kiransu kwance da tsaye. Layin da suka haɗu ta waje kuwa shi ne bayan ƙarfe. Namu angil ɗin faɗin kowane gefensa milimita 40 ne, kaurinsa milimita 4. Firam ɗin da za mu haɗa tsawonsa santimita 80, faɗinsa 60, kuma gefen tsaye yana waje. Ku tanadi tef, sikwaya, alli mai tsini, zarto ko giranda, da tabarau na kare ido.

Darasi na 2: Yankan karkace

Wannan shi ne yankan digiri 45. Kada lambar ta tsorata ku, ba sai da na'urar auna kwana ba. Ku fara yanke guda biyu masu santimita 80 da biyu masu 60, kai tsaye, a kan layin sikwaya. Awon a bayan ƙarfe ake yinsa.

Yanzu ku dubi gefen kwance. Daga ƙarshen ƙarfen ku auna milimita 40 a bakin ciki, ku sa alama. Ku ja layi daga alamar zuwa kusurwar baya. Ɗan yankin nan mai kusurwa uku shi za a zubar. Gefen tsaye ba a rage tsawonsa ta waje, kaurinsa kawai yankan zai bi a karkace.

To, ga inda ake faɗuwa. Idan kun koma ɗaya ƙarshen, layin ba zai kalli inda na farko ya kalla ba. Baya dogo, ciki gajere, a ƙarshe biyun. Ku auna ku gani: baya 80, bakin ciki 72. Idan tef ya ba ku 76 a ciki, kun juya layi ɗaya. Ku goge allin, ba abin kunya ba ne, kowa da haka ya fara.

Mu sake. Baya dogo, ciki gajere. A ƙaramin ƙarfen, baya 60, ciki 52. Kafin zarto ya taɓa ƙarfe, ku jera guda huɗun a ƙasa yadda firam zai zauna, ku dubi layukan allin. A kowace kwana layi biyu su nufi kusurwar waje. Ku faɗa da baki: baya dogo, ciki gajere.

Duk da wannan nanatawar sai an samu mai gaggawa ya yanka kafin ya jera. Malam, ƙarfe da kuɗi ake saye! Alli yana goguwa, yanka ba ya goguwa. Wanda bai nuna mini 72 da 52 ba, kada ya ɗauki giranda. Kuma a yanka ta ɓangaren da za a zubar, domin faifan giranda yana cin ƙarfe, in an bi tsakiyar layi kwana za ta buɗe baki.

Darasi na 3: Yankan gurbi

Wanda hannunsa bai zauna a yankan karkace ba, wannan ya fi masa sauƙi, don duk yankan miƙaƙƙe ne. Dogayen ƙarfen na santimita 80 a bar su yadda suke. Gajerun a yanke su milimita 592, wato an rage kaurin gefen tsaye biyu daga 600. A kowane ƙarshe a cire gefen kwance gaba ɗaya, tsawon milimita 36, har da kaurinsa da ke ƙarƙashin gefen tsaye. Harshen da ya rage zai hau kan kwancen dogon ƙarfe. Cikin kwanar angil yana da ɗan lanƙwasa, saboda haka a goge kusurwar harshen ta ƙasa da giranda, in ba haka ba ba zai shige ba.

Darasi na 4: Walda

Kada ku cika walda tun farko, zafi yana jan ƙarfe. Ku ɗora firam a wuri mai daidai, ku sa sikwaya, ku ɗiga walda kaɗan a kowace kwana. Sai ku auna daga kusurwa zuwa wadda ke kallonta ta karkace. Dole ku sami santimita 100 a duka biyun. Idan ɗaya ta fi tsawo, a buga kusurwarta da guduma a hankali har su zo daidai. Sannan a cika walda: kwana ɗaya, sai ta ƙetarenta, ba a jere ba. Kada a manta da haɗin gefen tsaye.

Darasi na 5: Gogewa

A kankare dattin walda, a duba ko akwai rami. A goge inda gilashi ko katako zai zauna kawai, sauran a bar shi. A sake auna 100 ɗin nan, sannan a shafa jan fenti.