Yadda ake mayar da doguwar maƙala karosel ba tare da hujjarta ta zube ba

Karosel shi ne jerin hotunan nan da ake gogawa da yatsa ɗaya bayan ɗaya a Instagram, ko fayil ɗin PDF da ake ɗorawa a LinkedIn. Instagram na karɓar har shafi 20, amma maƙala mai kalma 1,500 shafi tara ya ishe ta. In kowane shafi ya ɗauki kalma 30, kalma 270 ke nan, wato fiye da kashi huɗu cikin biyar na rubutun zai tafi. Gwanintar tana wajen sanin abin da ba a taɓawa.

A ce maƙalar tana magana ne kan manoman albasa na Goronyo da Wurno, tana cewa gara manomi ya adana albasarsa da ya sayar da ita lokacin cira.

Kafin ka buɗe manhajar zane ta Canva, ɗauki biro ka rubuta matsayar marubucin a jimla ɗaya, da sharaɗinta: "Adana albasa ya fi riba, in ta bushe da kyau kuma manomin ba bashi a kansa." Sannan ka sake bin maƙalar kana ja wa kalmomin haɗi layi: saboda, amma, don haka, sai dai in. Su ne ke riƙe da hujjar, kuma su mai taƙaitawa ke fara yankewa don yana ganin cikon wuri ne.

Yanzu raba shafukan. Na farko matsayar ce. Na biyu zuwa na huɗu dalilai, kowane shafi dalili ɗaya tak: lokacin cira kowa na kai kaya kasuwa a tare, farashi ya faɗi; bayan watanni kaya na raguwa, farashi ya tashi; rumbun da iska ke ratsawa na rage ruɓa. Na biyar misali ɗaya, wanda ya fi ƙarfi. In marubucin ya kawo huɗu, uku za su tafi, duk daɗinsu.

Shafi na shida shi ne wanda aka fi jefarwa, alhali nan nauyin yake. A nan ake kawo maganar mai ja da hujjar: albasa na rage nauyi a ajiya, wata na ruɓewa, ga mai taki da mai fetur ɗin ban ruwa suna jiran kuɗinsu. Na bakwai amsar marubucin, na takwas sharaɗin, na tara abin da ya yanke. Wanda ya cire na shida da na takwas ya sa wa marubucin maganar da bai faɗa ba, domin "adana albasa in ba ka da bashi" ta koma "kowa ya adana albasa". Manomin da ya bi wannan yana iya tafka asara, kuma sunan marubucin ne a jiki.

Kowane shafi ya fara da kalmar da ta ɗaure shi da na baya. Maimakon ka rubuta "Albasa na ruɓewa" a kan na shida, rubuta "Amma fa ajiya na da nata asarar". Kalmomi irin su galibi, wasu, a mafi yawan shekaru, a bar su inda suke. Adadi kuma ya zauna tare da shekararsa da inda aka samo shi, a shafi guda.

Wajen zane, girman 1080 × 1350 ya dace da waya. Bar fili a gefuna, sa lamba kamar 3/9 a kusurwa. Duba haruffan ɓ, ɗ, ƙ tun da wuri, don salon rubutu da yawa ba su da su, sai ka ga akwati ko harafi ya fita daban da 'yan uwansa. Noto Sans na da su. Tura wa kanka hoton a waya ka karanta; in sai ka matso da shi kusa da ido, rage kalmomi, kada ka rage girman rubutu.

Gwaji biyu kafin ɗorawa. Hargitsa jerin shafukan ka ba wani ya karanta. In bai lura an hargitsa ba, hujjar ta riga ta mutu, tarin shawarwari kawai ya rage, sai ka koma ga kalmomin haɗin da ka ja wa layi. Na biyu, ɗauki kowane shafi shi kaɗai, tunda haka zai yi yawo a WhatsApp ba tare da sauran ba. In na uku shi kaɗai yana cewa farashi dole ya tashi, ƙara masa "galibi", ka kuma rubuta a ƙasansa cewa sharaɗin na shafi na 8.