Yadda za ka matse rahoto mai shafi 9 cikin minti 7

Duk wanda ya taɓa riƙe sakataren ƙungiya a Zango ya san wannan wahalar. Ka kwana uku kana rubuta rahoton shekara, ranar taro ciyaman ya raɗa maka a kunne wai minti 7 kake da shi don la'asar ta kusa kuma ma'aji bai yi nasa ba. Haka ta faru da ni a taron ƙungiyar matasanmu a Aboabo nan Kumasi, ga yadda na yi.

Da farko ka auna bakinka. Ɗauki waya ka kunna agogo, ka karanta rahoton da ƙarfi na minti ɗaya kamar kana gaban jama'a, sai ka ƙirga kalmomin. Ni 120 na samu. Rahotona kalma 3,000 ne, kenan minti 25 zai ci. Kuma minti 7 ɗin ma ba duka naka ba ne: sallama da gaida Sarki da liman da Magajiya za su ɗauki minti ɗaya, ka bar wani ɗaya saboda makirfo da zai ɗauke ko wani dattijo ya shigo a tsaya. Saura 5, wato kalma 600. In akwai mai maimaitawa da Turanci ko Tuwi, raba biyu, 300.

To ka ga kashi ɗaya cikin biyar kawai zai tsira, don haka rage kalma nan rage kalma can ba zai kai ka ko'ina ba, karatu da sauri ma haka, mutane dai su ji kana surutu ba su kama komai ba. Sashe guda-guda za ka cire.

Abin da zai nuna maka wanda za ka cire tambaya ɗaya ce: in na zauna, me nake so mutanen nan su yanke? Mu a ranar so muke a yarda a ƙara kuɗin wata daga sidi 10 zuwa 15 don a sayi sabon injin bohol. Sai na bi sassan da biro, wanda mutum ba zai iya cewa e ko a'a ba sai ya ji shi na sa masa alama. Uku suka tsira: halin asusu, lalacewar injin, da abin da muke nema. Tarihin kafa ƙungiya kowa ya sani, ya tafi. Gasar ƙwallo da sharar gwata da rabon abincin azumi na haɗa su a jimla ɗaya na ce sauran bayani yana takarda. Na ƙwallon nan ya yi min ciwo wallahi, shi na fi wahala a kansa, amma ba shi zai kawo ruwa ba.

Lissafi shi ke cinye lokaci ba ka sani ba. 18,400 a takarda abu ɗaya ne, a baki kuwa "dubu goma sha takwas da ɗari huɗu", kalma bakwai. Na bar guda huɗu kawai: an tara sidi 18,400, an kashe 16,900, saura 1,500, inji kuma 6,000. Teburin duka na tura WhatsApp tun da safe, na buga kwafi kaɗan saboda dattawa.

Abu ɗaya ne ba a cirewa ko lokaci ya ƙure, shi ne labari mara daɗi. Ana bin mu bashin mai gyara sidi 800, na faɗa da bakina. In ka tsallake irin wannan wani ya gano a takarda, ba wanda zai ce lokaci ne, cewa za a yi ka ɓoye. Sunayen masu taimako kuma ko ka kira duka ko kar ka kira ko ɗaya, ka kira biyar ka bar na shida ka sayi gaba.

Sai ka juya tsarin. A takarda buƙata tana ƙarshe, a baki ka kawo ta cikin minti 2 na farko, ko ciyaman ya tsayar da kai ka riga ka isar da saƙo. Sakin layi na ƙarshe ya zama wanda in an yar ba a yi asara ba, ka ja masa layi.

Daga nan ka gwada a tsaye da agogo, sau biyu. Gwajina na farko ya kai minti 6 da rabi maimakon 5, ashe a jimlar ayyukan nan nake sakin baki ina ƙara labarin ƙwallo. Sai na rubuta ta kalma da kalma na karanta yadda take, na biyu ya tsaya a minti 5 da sakan 10.