Babi na Huɗu: Kalmomi Ashirin na Kasuwar Hannun Jari

Darasi na ɗaya: yadda ake karanta jadawali

'Yan uwa ɗalibai, ku buɗe littafinku ku ajiye fensir kusa. Abin da ke ƙasa sunansa jadawali. Yana da gidaje huɗu a kowane layi. Gidan farko lamba ce. Na biyu kalmar da za mu koya. Na uku shi ne rubutun da za ku gani a waya ko a takardar dillali, kuma mun bar shi yadda yake don idonku ya saba da shi. Na huɗu ma'ana.

Ku ɗora yatsa a kan lamba, ku ja shi zuwa dama har ƙarshen layin, sannan ku sauka layi na gaba. Kada ku sauka ƙasa kafin ku gama layi. Wanda idonsa ke tsallake layi ya sa rula ko guntun kwali a ƙarƙashin layin da yake karantawa. Ba a ce ku haddace duka yau ba.

| Lamba | Kalma | Yadda take a waya ko takarda | Ma'ana |
|---|---|---|---|
| 1 | Jari | `Capital` | Kuɗin da ka zuba don neman riba |
| 2 | Hannun jari | `Share` | Ɗan kaso na mallakar kamfani |
| 3 | Adadi | `Units` | Yawan hannun jarin da ka mallaka |
| 4 | Farashi | `Price` | Kuɗin hannun jari guda ɗaya a yau |
| 5 | Rabon riba | `Dividend` | Abin da kamfani ke ba masu hannun jari daga ribarsa |
| 6 | Harajin rabo | `WHT` | Kashi 10 cikin 100 da ake cire wa gwamnati daga rabon riba |
| 7 | Ribar sayarwa | `Gain` | Ƙarin da ka samu in ka sayar sama da yadda ka saya |
| 8 | Faɗuwa | `Loss` | Abin da ka rasa in ka sayar ƙasa da yadda ka saya |
| 9 | Kasuwar hannun jari | `NGX` | Inda ake cinikin hannun jari, hedikwatarta tana Legas |
| 10 | Dillali | `Stockbroker` | Kamfani mai lasisi da ke saya maka ko ya sayar maka |
| 11 | La'ada | `Commission` | Ladan dillali a kan kowane ciniki |
| 12 | Tayi | `Bid` | Kuɗin da mai saye ya taya |
| 13 | Farashin mai kaya | `Offer` | Kuɗin da mai sayarwa zai sallama a kai |
| 14 | Ma'ajiya | `CSCS` | Inda ake adana hannun jarinka da sunanka |
| 15 | Magatakarda | `Registrar` | Mai riƙe sunayen masu hannun jari, shi ke biyan rabon riba |
| 16 | Hukumar sa ido | `SEC` | Hukumar gwamnati da ke yi wa dillalai rajista |
| 17 | Takardar lamuni | `Bond` | Shaidar ka ranta wa gwamnati ko kamfani kuɗi |
| 18 | Kuɗin ruwa | `Interest` | Ƙarin da ake biya a kan rance |
| 19 | Sukuk | `Sukuk` | Takardar jari ta tsarin Musulunci, haya ake biya |
| 20 | Asusun haɗaka | `Mutual Fund` | Kuɗin mutane da yawa da ƙwararru ke juyawa |

Madalla da wanda ya kai layi na 20. Wanda bai kai ba ya sake daga farko a hankali.

Darasi na biyu: jari, farashi da adadi (lamba 1 zuwa 4)

Duk mutumin Sakkwato ya san kamfanin siminti da ke Kalambaina. Yanzu yana cikin BUA Cement, kuma ana cinikin hannun jarin BUA Cement a kasuwar `NGX`. Wanda ya sayi hannun jarinsa ya mallaki ɗan ƙanƙanin kaso na kamfanin. Ba buhun siminti za a kai masa gida ba, kuma ba rance ya ba kamfanin ba.

Don lissafi, bari mu ɗauki wani kamfani na misali wanda ba mu sa masa suna ba. Kana da jarin ₦50,000. Farashin hannun jari guda ₦25 ne. Raba 50,000 gida 25, za ka samu 2,000. Wannan 2,000 ba naira ba ce, adadin hannun jarinka ne. Shi ya sa ba mu sa masa alamar ₦ a gaba ba. Rubuta lambobin nan uku a littafinka, kowace a layinta: jari ₦50,000, farashi ₦25, adadi 2,000. Ja layi a ƙarƙashin 2,000, don ita za mu yi ta nema.

Darasi na uku: rabon riba (lamba 5 da 6)

Nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe, don haka a nan za mu zauna.

In kamfani ya ci riba a shekara, yana iya raba wani sashe ga masu hannun jari. Yana iya ƙin rabawa, don ba bashi ba ne a kansa. In zai raba, sanarwar takan ce: ₦2 a kan kowane hannun jari. Ku kula da ƙarshen maganar, a kan kowane hannun jari. Saboda haka da adadi ake ninkawa. Ba a ninkawa da kuɗin da ka zuba.

Mu yi tare. Adadinka 2,000. Rabo ₦2. Dubu biyu sau biyu, ₦4,000. Daga ciki a cire harajin kashi 10 cikin 100, wato ₦400. Abin da zai shiga asusunka na banki ₦3,600 ne.

Abin da nakan gani a aji shi ne, ɗalibi ya ɗauki ₦50,000 ya ninka sau biyu, ya samu ₦100,000, ya fara murna. In amsarka ta fi jarin da ka zuba, tsaya, ka ɗauko lambar da ba ita ba. Koma wurin wadda ka ja wa layi. Ba abin kunya ba ne, masu boko da yawa sukan yi wannan kuren a farko.

Mu sake. Wata ɗaliba tana da adadi 500 a kamfanin. Rabo ₦2. Da me za ta ninka? Da adadi. Ɗari biyar sau biyu, ₦1,000. A cire ₦100 na haraji, saura ₦900.

Mu ƙara sakewa, amma yanzu da kwabo. Kamfanoni da yawa da kwabo suke faɗin rabonsu, kuma za ka ga an rubuta `50k` ko `50 kobo`. Yaranmu in sun rubuta `50k` a waya dubu hamsin suke nufi. A takardar rabon riba kwabo hamsin ne, rabin naira ɗaya. Kwabo ɗari ke yin naira. To, mai adadi 2,000, rabo kwabo 50: rabin 2,000 ke nan, ₦1,000. Bayan haraji, ₦900. Da me muka ninka? Da adadi.

Ku faɗa da baki sau uku: adadi sau rabo, a cire haraji. Wanda ke ganin an yi ta maimaita abu ɗaya ya yi haƙuri. Wasunku suna iya lissafin ribar buhu arba'in a ka cikin Tsohuwar Kasuwa ba tare da biro ba, amma da an rubuta lamba a allo sai su ce boko ya fi ƙarfinsu, su zuba wa na kusa ido su kwafa. Ku daina kwafa. Ranar da takardar rabo za ta zo maka, na kusa da kai ba ya nan.

Akwai sharaɗi biyu kafin kuɗin ya iso. Na farko, kamfani yakan yanke rana, kuma wanda sunansa ke cikin rajista a ranar shi ake biya. Wanda ya saya bayan ranar sai ya jira rabo na gaba. Na biyu, magatakarda na lamba 15 sai ya san asusunka na banki. Akwai fom ɗin `e-Dividend` da ake cikawa don haka, da lambar `BVN`. In a banki sunanka Muhammadu ne, a wurin dillali kuma an rubuta Mamman, kuɗin yana iya maƙalewa. Suna ɗaya, jeri ɗaya, a ko'ina.

Darasi na huɗu: ribar sayarwa da faɗuwa (lamba 7, 8 da 11)

Farashi ya tashi daga ₦25 zuwa ₦30. Adadinka 2,000 sau ₦30, ₦60,000. Waya za ta nuna maka ƙarin ₦10,000. Wannan ba rabon riba ba ne, kuma bai shiga aljihunka ba. Kamar manomin da ya adana albasa ne ya ji tsadarta a kasuwa: sai ranar da ya sayar zai san abin da ya samu, kuma kafin ranar farashi yana iya karyewa. In ya sauka zuwa ₦20, hannun jarinka ya koma ₦40,000. Adadin yana nan 2,000, darajarsa ce ta ragu. A shekarar 2008 farashi ya zube ƙwarai a kasuwar Nijeriya, mutane da yawa sun tafka asara.

Kada ka manta da la'ada. Ana cire ta lokacin saye, a sake cirewa lokacin sayarwa, tare da wasu ƙananan caji. Mu ƙaddara ₦1,000 ce kowane karo. In ka sayar a ₦26 za ka karɓi ₦52,000, ƙarin ₦2,000 ɗin kuwa duk ya tafi a la'ada biyu. Tambayi dillali nawa yake cirewa tun kafin ka ba shi ko kwabo.

Darasi na biyar: lamba 9 zuwa 16

Kai ba ka shiga kasuwar da kanka, dillali ke shiga. Ciniki yana faɗawa in tayi ya haɗu da farashin mai kaya. Dillali na gaskiya yana da rajista da `SEC`, kuma zai buɗe maka asusu a `CSCS` a ba ka lambar `CHN` taka kai kaɗai. Wanda ya ce ka tura kuɗi asusunsa na kansa zai ninka maka a wata ɗaya, ku tuna da MMM, tsarin ninka kuɗi da ya durƙushe da kuɗin mutane a ƙarshen 2016. An sha faɗa muku, amma har yanzu wasu sai sun gwada.

Darasi na shida: lamba 17 zuwa 20

Takardar lamuni rance ce, ana biyan kuɗin ruwa a kanta. Masu gudun riba ta haram sukan nemi sukuk. Gwamnatin Tarayya ta fara fitar da nata a 2017 don gina hanyoyi. Asusun haɗaka kuwa, karanta layinsa a jadawali, ya wadatar.

Aikin gida

Kwafi layi na 3, na 5 da na 7 a littafinka. Sannan ka amsa: mutum yana da adadi 1,200, an sanar da rabon `75k`. Nawa zai shiga asusunsa bayan haraji? A zo da amsa ranar darasi na gaba, kowa da tasa.