Babi na Biyar: Bitar Baƙaƙe da Addu'o'i ta Hanyar Wasa

Shiga kowane ajin yara a Islamiyya da yamma, za ka ji su suna rera "alifun, ba'un, ta'un, sa'un" har zuwa ya'un, babu tuntuɓe. Sai zuciyarka ta yi fari, ka ce yara sun iya. Amma ka gwada abu ɗaya. Kira yaro guda, ka ɗora yatsa a kan baƙin da ke tsakiyar allo, ka ce, "Wannan fa?" Da yawa za su yi shiru. Wani kuma za ka ga leɓensa na motsi, ya koma kan alifun yana ƙirgowa har ya iso inda yatsanka yake. Wannan yaron jerin ya haddace, kamar waƙa. Idonsa bai san baƙin ba tukuna.

Aikin bita shi ne a wargaza jerin nan, yaro ya haɗu da kowane baƙi shi kaɗai. Bulala ba ta yin wannan aikin, domin yaron da ke tsoro bakin na kusa da shi yake kallo, ya maimaita abin da ya ji. Wasa kuwa yana sa shi ya dubi baƙin da kansa.

Wasan ɗigo

Baƙaƙen Larabci 28 ne, 15 daga cikinsu suna da ɗigo. Yawancin ruɗanin yara daga nan yake, saboda baƙaƙe da dama jikinsu ɗaya, ɗigo ne kawai ya raba su. Ba'un, ta'un da sa'un duk kamar ƙaramin kwalekwale suke: na farko ɗigo ɗaya a ƙasa, na biyu ɗigo biyu a sama, na uku ɗigo uku a sama. Haka jimun, ha'un da kha'un: ɗigo a ciki, babu ɗigo, ɗigo a ka.

Ki samo tire ko faifai, ki zuba yashi mai laushi, ki baje shi. Ki tara ƙwallon dabino, a wanke, a shanya. Kada a yi amfani da wake ko ƙananan tsakuwa, domin ɗan shekara huɗu yana iya cusa su a hanci ko kunne kafin ki waiga.

Raba yara rukuni-rukuni, biyar ko shida a kowane tire. Ki zana kwalekwalen da yatsa, babu ɗigo, ki ba yaro ƙwallo uku a hannu. Ki ce, "Mayar min da shi ta'un." Zai ɗora biyu a sama. Ki ce wa na kusa da shi, "Kai kuma mayar da shi ba'un." Dole ya kwashe biyun, ya sa ɗaya a ƙasa. Idan kowa ya yi zagaye ɗaya, sai a juya: yaro ya ɗora ɗigo yadda ya ga dama, 'yan rukuninsa su faɗi sunan baƙin. Gida ɗaya na baƙaƙe ya isa a rana guda. Idan an haɗa gidan ba'un da na jimun a zama ɗaya, ƙananan sai su rikice. Minti goma sha biyar ya wadatar. Da kin ga sun fara jifan juna da ƙwallo, an kai ƙarshe.

Akwai wata yarinya 'yar shekara shida da na taɓa koyarwa. Duk baƙin da aka ce ta yi, daidai take yi, sai fa'un da ƙafun. In na ce fa'un, sai ta sa ɗigo a ƙasa. In na ce ƙafun, sai ta sa guda ɗaya a sama. Sau uku ina gyara mata, tana kallona idonta ya ciko da hawaye. Da na tambaye ta, ta ce, "Malam, haka yake a allona." Ashe da safe tana zuwa makarantar allo, inda ake rubutu irin na Magaribi, wanda ake rubuta Alƙur'aninmu na Warshu da shi. A can fa'un ɗigonsa ɗaya ne a ƙasa, ƙafun ɗaya a sama. A littattafan Islamiyya kuwa, masu bin rubutun Hafsu, fa'un ɗigo ɗaya a sama, ƙafun biyu a sama. Yarinyar ba ta yi kuskure ba, ni ne ban bincika ba. Washegari na raba yashin tire biyu da layi, na ce wannan ɓangaren na allo ne, wancan na littafi, ta riƙa yin baƙin a kowane ɓangare. Cikin mako ɗaya ta ware su. Don haka duk yaron da kuskurensa ya tsaya a baƙaƙen nan biyu, a fara tambayar inda yake karatu da safe. Haka ma idan ya ce "ba guje" ko "ta kuri", sunayen makarantar allo ne, a karɓa, sannan a gaya masa ɗaya sunan.

Abu guda da ba na sassauci a kansa: baƙi ɗai-ɗai ake zanawa a yashi, kuma a kan tire. Ba a rubuta aya ko sunan Allah, ba a kuma yin wasan da za a taka baƙaƙe da ƙafa. Idan an gama, a shafe da hannu.

Wasan "me za ka ce?"

Addu'o'i ma ciwonsu ɗaya da na baƙaƙe. Yaro zai jero guda goma a aji, amma ya zauna gaban tuwo ya sa hannu bai ce komai ba, saboda addu'ar a ransa ta aji ce. Maganin shi ne a kawo lokacin addu'ar cikin aji.

Malama ta yi abin a aikace ba tare da magana ba. Ta ajiye kwano, ta miƙa hannun dama, ta tsaya tana kallon yaro guda. Shi zai ce, "Bismillahi." Ta kwantar da kai a kan tafin hannu: "Bismika Allahumma amutu wa ahya." Ta yi kamar ta fito daga bayi: "Gufranaka." Kada a bi tsarin littafi, kuma kada aji ya amsa gaba ɗaya, don masu ƙarfin murya za su rufe waɗanda ba su iya ba.

Wanda yara suka fi so shi ne na atishawa, domin mutum biyu ke yinsa. Ɗaya ya yi atishawa ya ce, "Alhamdu lillahi." Abokinsa ya ce, "Yarhamukallahu." Na farko ya mayar: "Yahdikumullahu wa yuslihu balakum." Wannan ta ukun ita ke ba su wuya, sai a raba ta biyu, a tsaya a "yahdikumullahu" na kwana biyu kafin a ƙara sauran. A bar su su yi dariya lokacin atishawar ƙarya, amma in an zo kan lafazin addu'a a natsu, a faɗe ta a hankali. Addu'a uku a zama ɗaya sun isa: biyu tsofaffi, ɗaya sabuwa. Wanda ya kasa, kada a fitar da shi daga wasan. Abokinsa ya faɗa masa kalmar farko, bayan mutum biyu ko uku a sake dawowa kansa da wannan addu'ar.

Aikin gwaji

A wannan makon, zaɓi yara uku daga ajinka ko daga gidanka. Nuna wa kowannensu baƙaƙe biyar a warwatse, ka rubuta waɗanda ya kasa. Yi wasan ɗigo da su kwana uku a kan waɗannan baƙaƙen kaɗai, a rana ta huɗu ka sake nuna musu. Ka zo da takardar a darasi na gaba.