Yadda Ake Bambance Masha Allah da Alhamdulillah

A ajin manya na Islamiyya na sha ganin wanda ya iya furta su sarai, amma yana ajiye kowace a gurbin 'yar'uwarta. Don haka fara da fassarar. Masha Allah kalmomi uku ne: ma, wato abin da, sha'a, ya so, sai sunan Allah. Ma'ana, abin da Allah ya so shi ya faru. Alhamdulillah kuwa yabo da godiya sun tabbata ga Allah, kamar yadda muke karantawa a Fatiha.

Na biyu, kafin ka buɗe baki ka tambayi kanka: gani na yi ya burge ni, ko samu na yi? Abin da ya cika maka ido, Masha Allah. Abin da ya shigo hannunka, ko wahalar da ta wuce ka, Alhamdulillah.

A nan ni ma na taɓa yin tuntuɓe. Na je barka, aka miƙo mini jariri, ina ɗaga shi na ce, "Kai, wannan yaro ƙato ne!" Ɗakin ya yi tsit. Kakar ta miƙo hannu ta karɓe shi, ta ce, "Malam, ba a cewa tubarkalla ne?" Tsoron kambun baka take yi, kuma tana da hujja: lokacin da Amir ɗan Rabi'a ya yaba jikin Sahlu ɗan Hunaifu har Sahlu ya faɗi, Annabi (SAW) ya yi wa Amir faɗa kan rashin sa albarka. Shi ya sa ni ba na barin Masha Allah ita kaɗai, sai na haɗa da tubarkalla ko Allahumma barik. Kai baƙo ka ce, "Masha Allah, Allah ya raya," maijego ta amsa da Alhamdulillah, don ita aka yi wa kyautar.

Kada ka ɗauka kayan mutane kawai ake yi wa. A Suratul Kahfi, aya ta 39, mai gona aka yi wa gyara don ya shiga gonarsa bai ce Masha Allah, la ƙuwwata illa billah ba. In ka tsaya gaban sabuwar motarka ta burge ka, ka faɗa da bakinka. Sitikar da ka saya ka manna a gilashi ba za ta faɗa maka ba.

Sauran masu sauƙi ne. An ce ya jiki, ya aiki, ka ƙoshi, ka yi atishawa, duk Alhamdulillah. Abu ya zo ba yadda ka so ba, Alhamdulillah ala kulli halin. Abin da bai faru ba tukuna kuwa, kamar tafiyar gobe, wannan In sha Allah ce.