Ka nemi aiki a Birtaniya, an yi shiru: yadda ake tuntuɓa

A Kaduna, idan ka kai takardar neman aiki, ka san sauran: ka riƙa leƙawa ofis, ka gaida sakatare, ka nemi wani babba ya sa baki. Ƙannena da kuka sauka Birtaniya kwanan nan, ku ajiye wannan a gida. Can tuntuɓa ɗaya ce, ko biyu in ta kama, a rubuce, kuma lokacinta ya fi kalmominta muhimmanci.

Inda aka fi yin kuskure shi ne lissafin kwanaki. Ba daga ranar da ka tura ake ƙirgawa ba, daga ranar rufe karɓar takardu ne, domin galibi sai an rufe ake zama a tace masu nema. A ce ka nemi aikin kula da tsofaffi ranar 3 ga Maris, tallar kuma ta ce za a rufe ranar 14. Idan ka rubuta ranar 10 kana cigiya, ka nuna musu ba ka karanta tallar ba ke nan. Bari sai wajen 28 ga wata, wato mako biyu bayan rufewa. In babu ranar rufewa, kwana goma zuwa mako biyu ya isa.

Kafin nan, sake karanta tallar. Wasu suna rubuta cewa in ba ka ji daga gare su ba cikin mako kaza, ka ɗauka ba a dace ba. Wannan ita ce amsarka. Duba akwatin `Spam` ma, saboda gayyatar ganawa takan faɗa can, wa'adinta ya wuce mutum yana zaune yana jira. In ta shafin NHS Jobs ko Trac ka nema, wato shafukan neman aikin asibitocin gwamnati, shiga ka ga matsayin takardarka tukuna.

Saƙon kansa kada ya wuce jimla huɗu, ta imel, zuwa ga wanda tallar ta ambata, da safiyar ranar aiki. Sa sunan aikin da lambarsa a kan saƙon. Ka ce ka nema ranar 3 ga Maris, har yanzu kana son aikin, kana tambayar yaushe ake sa ran kiran waɗanda aka zaɓa, sannan ka yi godiya. Doguwar gaisuwarmu ta ina gajiya, ina iyali, wadda ladabi ce a Tudun Wada, ba ta da gurbi a nan. Abin da ya fi damuna shi ne roƙo: kuɗin haya ya taso, a taimaka don Allah. Na san matsin gaskiya ne, amma mai karantawa yana neman wanda zai iya aikin ne, kuma roƙon yana rage maka daraja a idonsa.

Kada ka bi shi ta WhatsApp ko ka je wurin ba a gayyace ka ba. In mako ɗaya ya ƙara wucewa shiru, kana iya tunatarwa sau ɗaya da layi biyu. Bayan wannan ka bar su, ka mayar da hankali kan sauran wuraren da ka nema.